Kafin a Taɓa Kibod: Layi 19 a Kan Takarda

A hutun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke karatun kwamfuta a wata kwalejin kimiyya da fasaha ta zo ta yi mana makonni uku. Wani dare bayan sallar isha'i ta same ni a falo, kwamfutarta a buɗe a hannu, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Kawu, na gama. Zo ka gani." Tun la'asar take fama da wata jinga, wato ta rubuta 'yar ƙaramar manhaja mai ɓoye saƙo. Ta ba manhajar lamba 1, ta rubuta `Sannu`, nan take ta mayar mata da `Tboov`. Kowane harafi ya matsa gaba da taki ɗaya, S ya koma T, a ya koma b, har zuwa ƙarshe. Daidai ne, kuma na yaba mata, don wanda ya fara koyo kwanan nan ya kai nan ya yi ƙoƙari.

Sai na ce, "'Yata, rubuta mini `Zo nan!` mu gani." Abin da ya kamata ya fito shi ne `Ap obo!`. Abin da ya fito kuwa shi ne `[p!obo"`. Harafin Z ya zama wata baka mai kusurwa, gurbin da ke tsakanin kalmomin biyu ya zama alamar motsin rai, ita kuma alamar motsin rai ta ƙarshe ta rikiɗe ta zama alamar zance. Kuskure uku a cikin ɗan guntun saƙo. Na karɓi kwamfutar, na tayar da manhajar ba tare da na ba ta lamba ba, sai ta faɗi nan take, allon ya nuna `Segmentation fault`. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Amma Kawu, ta ina zan san za a gwada waɗannan?" Na ce ta buɗe shafin da aka rubuta jingar. Duk abubuwan nan huɗu suna nan a rubuce, baƙi a kan fari. Ta karanta shafin, ba wai ba ta karanta ba. Sau ɗaya ta karanta shi, cikin minti biyu ko uku, ta kama abin da ya fi ɗaukar hankali, ta ruga ta fara rubuta kod, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi.

Shekaruna da dama ina cin abinci da rubuta manhaja, kuma na zauna da masu koyo da yawa. Abin da ya faru da yarinyar nan shi ne abin da na fi gani. Ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da yawancinsu ba, karatun takardar aiki ne ba a koya musu ba. Ana ɗauka duk wanda ya iya Turanci ya iya karanta ta, alhali karatunta daban yake da karatun labari ko na jarida.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen tela ya san abin da nake nufi. Za ka tsaya ka zuba masa bayani cikin numfashi ɗaya: kaftani, hannu mai lanƙwasa, aljihu biyu, na ƙirji kada a sa, aiki kaɗan a wuya, wando kada ya matse a ƙasa, kuma kana so kafin jajiberin Sallah. Telan kirki ba ya ɗaukar almakashi a lokacin. Littafin awo yake jawowa, ya rubuta tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, kowanne a layinsa, ya yanki ƙyallen yadin ya maƙala a gefe. Ya san cewa kaftanin kansa ba zai manta da shi ba. Aljihun ƙirjin nan da aka ce kada a sa, shi ne zai manta. Takardar jinga ta masu koyon manhaja haka take: babban aikin a fili yake, ƙananan sharuɗɗan ne ke laɓe a cikin jimloli.

Jingar da 'yar tawa take yi ta fito ne daga CS50, darasin gabatarwa ga kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Harvard, wanda David Malan yake koyarwa tun 2007, kuma tun 2012 kowa zai iya bin sa kyauta ta intanet. Matasanmu da yawa suna bin sa a waya da kwamfutar aro. A makon da ake koyar da jerin haruffa a harshen C akwai jinga mai suna `caesar`. Sunan ya samo asali ne daga Yuliyus Kaisar na Rum, wanda marubucin tarihi Suwetoniyus ya ruwaito cewa yakan ɓoye wasiƙunsa ta hanyar musanya kowane harafi da wanda ke gabansa da taki uku, A ya zama D. Yawan takin da ake matsawa shi ake kira mabuɗi. Da mabuɗi 3, `Kano` zai zama `Ndqr`. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, yaron firamare ma zai gane ta. Amma shafin jingar doguwa ce, akwai labari, akwai misalai, akwai shawarwari, sannan a tsakiya akwai sashen sharuɗɗa mai sakin layi kusan tara. A nan aikin yake.

Washegari da safe an ɗauke wuta, batirin kwamfutarta kuma ba ya riƙe caji, sai abin ya zo mana daidai. Na ce ta buɗe shafin a waya, ta ɗauko littafin rubutu da biro. Na ce za ta karanta sau uku, kuma kowane karatu da aikinsa.

Karatun farko na sanin inda aka dosa ne. Daga sama har ƙasa, ba tsayawa, ba rubutu. Idan an gama, mutum ya rufe shafin ya faɗi da bakinsa, a jimla ɗaya ta Hausa, me ke shiga manhajar kuma me ke fita. Ta ce, "Ana ba ta lamba da saƙo, ta mayar da saƙon a ɓoye." Shi ke nan. Wanda ya kasa faɗin wannan jimlar bai shirya wa karatu na biyu ba, ya sake na farko.

Karatu na biyu shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ana bin takardar jimla bayan jimla, biro a hannu, ana tambayar kowace jimla: abu nawa kike nema a wurina? Ga misali. Sashen sharuɗɗan yana da wata jimla wadda ma'anarta ita ce, idan aka tayar da manhajar babu mabuɗi, ko aka ba ta fiye da ɗaya, to ta buga saƙon kuskure, ta kuma fita nan take da lamba 1. Mai gaggawa zai ga abu ɗaya, ya rubuta "duba mabuɗi". Na ce mata ta ja layi a ƙarƙashin kowane "ko" da kowane "kuma". Sai ga shi jimlar ta tsage gida huɗu. Yanayi biyu ne, rashin mabuɗi da yawan mabuɗi, kuma a kowane yanayi abu biyu ake so, saƙo da lambar fita. Biyu sau biyu, layi huɗu a littafinta.

Ta tambaye ni mece ce lambar fitar nan, tunda ba ta ganin ta a allo. Tambaya ce mai kyau, don irin wannan sharaɗin da ido ba ya gani shi ya fi saurin ɓacewa. Kowace manhaja idan ta gama aiki tana barin wata lamba ga na'urar da ta tayar da ita. Sifili na nufin an gama lafiya, wata lamba daban kamar 1 na nufin an sami matsala. Mutum ba ya ganin ta sai ya nema, ta hanyar buga `echo $?` bayan manhajar ta tsaya. Amma na'urar da ke duba jinga tana kallon ta. Ɗalibi zai iya buga saƙon kuskure mai kyau, ya manta da lambar, ya faɗi a gwajin, ya yi ta kallon allo yana rantsuwa cewa komai daidai yake.

Daga nan muka kafa ƙa'idar da nake ganin ita ce zuciyar wannan sana'a ta tsaga takarda. Ba a yarda layi ya shiga jerin ba sai ya cika sharaɗi biyu: ya zama abu ɗaya tak, kuma a iya gwada shi a sami amsar e ko a'a. "Manhaja ta yi aiki da kyau" ba layi ba ne, fata ne. "A kula da haruffa" shi ma ba layi ba ne, don ba ka da hanyar da za ka ce ka gama shi. Layi na gaskiya yana zuwa da abin da za ka buga da abin da kake sa ran gani, kuma ana rubuta amsar da hannu tun kafin a rubuta kod. Ga kaɗan daga cikin abin da ta rubuta a gefen layukanta:

```
./caesar          -> kuskure, echo $? = 1
./caesar 1 2      -> kuskure, echo $? = 1
./caesar 2x       -> Usage: ./caesar key
./caesar 1   Z    -> A
./caesar 1   a,b  -> b,c
./caesar 0   Kano -> Kano
```

Dalilin rubuta amsar tun da wuri shi ne, idan ka bari sai manhajar ta fitar da nata sakamakon, zuciyarka za ta karkata ga yarda da shi. Ka sha wahala a kanta, kana so ta yi daidai. Amma idan amsar tana rubuce a takarda tun safe, babu ciniki, ko sun yi daidai ko ba su yi ba.

Akwai kalmomin da ya kamata ido ya tsaya a kansu a duk takardar aiki da aka rubuta da Turanci. Injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet sun ɗauki wannan da muhimmanci har suka fitar da wata gajeriyar takarda a 1997, mai lamba RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta, don kawai a fayyace ma'anar kalmomi irin su `MUST`, `SHOULD` da `MAY`. Ta farko tilas ce, ta biyu ana so a yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili za a bari, ta uku zaɓi ne. Malaman makaranta ba sa bin wannan rabon sau da ƙafa, don haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya ɗauki `should` a jinga tamkar `must`. Amma ya saba da farautarsu, tare da 'yan uwansu irin su `exactly`, `only`, `at least`, `unless` da `do not assume`. Duk inda ɗayansu ya bayyana, akwai layi a wurin.

A jingar Kaisar wannan farautar ta fito mana da wani bambanci da ba ta lura da shi ba a daren jiya. Idan babu mabuɗi, takardar ta ce ka buga saƙon kuskure duk wanda ka ga dama. Amma idan mabuɗin yana ɗauke da wani abu da ba alƙalamin lissafi ba, to saƙon ƙayyadadde ne, `Usage: ./caesar key`, harafi da harafi. Haka nan, a sigar da muka yi aiki da ita, kalmar `plaintext:` ana bin ta da gurbi biyu, ita kuwa `ciphertext:` da gurbi ɗaya, don saƙon asali da ɓoyayyen su daidaita a allo, ɗaya a saman ɗaya. Gurbi ɗaya ba komai ba ne a idon mutum. A wurin kwamfuta kuwa harafi ne kamar kowane harafi. Duk rubutun da aka ce manhaja ta buga shi daidai, kada ka dogara da tunawa, ka kwafe shi daga takardar zuwa jerinka, ka ƙirga guraben.

Da muka kai ƙarshen sashen, jerinta ya kai layi 19. Na ce ta ƙirga nawa ne suka shafi juya haruffa, wato abin da ta kwashe yammacin jiya tana yi. Bakwai ne: manyan baƙaƙe su juya su zauna manya, ƙanana su zauna ƙanana, Z ta zagayo ta koma A, alamomi da lambobi da gurabe su fita yadda suka shiga, mabuɗin sifili ya karɓu, wanda ya wuce 26 ya yi aiki, sannan mabuɗi mai girman gaske kada ya rikita lissafi. Sauran 12 duk na gefe ne: sunan fayil, tantance mabuɗi, lambobin fita, kalmomin da za a buga, sabon layi a ƙarshe. Ta daɗe tana kallon wannan rabon. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin ba ya wurin da ta zaci aikin yake. Kuma a iya abin da na gani a wurin aiki, manhajojin da ake biyan kuɗi a rubuta su ma haka suke. Lissafin da ke tsakiya kaɗan ne, tantance abin da mutane suka shigar da kuma abin da za a yi idan sun yi kuskure shi ne mai yawa.

Yanzu bari in tsaya a kan layi ɗaya, don shi ne ya fi koya mata darasi. Takardar ta gargaɗi ɗalibi da kada ya ɗauka mabuɗin zai tsaya a 26 ko ƙasa da haka, ta kuma ba da misali: da mabuɗi 27, A ya kamata ya zama B. Don a gane tarkon, sai a san cewa kwamfuta lamba take ajiye wa kowane harafi, bisa wani tsari da ake kira ASCII. A tana da 65, Z tana da 90, baka mai kusurwa tana da 91. Shi ya sa da ta ƙara 1 a kan Z a daren jiya baka ta fito. Gyaran da ya fara zuwa mata, kuma shi ke fara zuwa wa kowa, shi ne: idan jimillar ta wuce 90, a cire 26. Mu gwada da misalin takardar. A tana da 65, a ƙara 27 ya zama 92, ya wuce 90, a cire 26 ya koma 66, wato B. Ya yi daidai da misalin. Da ta tsaya a nan da ta sa alamar gamawa.

Sai na ce ta gwada Z da wannan mabuɗi na 27, da biro. Z tana da 90, a ƙara 27 ya zama 117, a cire 26 ya koma 91. Bakar nan ta dawo. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ashe misalin nasu bai isa ba." Haka ne. Misali a takardar jinga yana nuna sharaɗi ne, ba shi ne sharaɗin ba. Sharaɗin ya ce kowane harafi ya kasance harafi da kowane mabuɗi, misalin kuwa harafi ɗaya ya taɓa da mabuɗi ɗaya. Saboda haka kowane layi mai iyaka yana bukatar gwaji a bakin iyakar: harafin farko da na ƙarshe, mabuɗi 0, 25, 26, 27, sannan wani babba kamar 100. Maganin da ke aiki a ko'ina shi ne a mayar da haruffa lamba daga 0 zuwa 25, a ƙara mabuɗi, a raba da 26, a ɗauki abin da ya saura:

```
c = (p + k) % 26
```

Z ita ce 25, a ƙara 27 ya zama 52, a raba da 26 babu saura, sifili kuwa A ce. Ita kanta takardar ta kawo wannan lissafin tun a sama, a sashen bayani. Ta wuce shi a karatun jiya don ya yi mata kama da ado.

Akwai kuma wata lamba a takardar da ɗalibai ke tsallakewa don tana da ban tsoro: an ce manhajar ta yi aiki da duk mabuɗin da bai kai `2^31 - 26` ba, wato 2,147,483,622. Ba a sa ta don tsoratarwa ba. Ma'ajin lamba na yau da kullum a harshen C, wanda ake kira `int`, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647 a irin na'urorin da ake wannan darasi da su. Jimlar tana gaya maka abu biyu a lokaci ɗaya: inda alhakinka ya kai, da inda ya tsaya. Abin da ya wuce wannan iyakar ba ruwanka da shi. Wannan ma yana da amfani a jeri. Na sa ta buɗe wani ɗan sashe a ƙasan shafi mai taken abubuwan da ba a nema ba, don na sha ganin ɗalibi ya ɓata dare guda yana magance matsalar da takardar ta riga ta yafe masa.

Karatu na uku gajere ne, kuma na tsara jerin ne. Takardar tana zuwa da tsarin da ya dace da mai bayani, ba lalle ya dace da mai gini ba. Ana tambaya: wane layi ne ba zai yiwu ba sai an gama wani? A nan ne faɗuwar daren jiya ta sami bayani. Manhajarta ta miƙa hannu ta ɗauki mabuɗi tun kafin ta tabbatar akwai shi, ta damƙi wurin da babu komai, na'urar ta tsayar da ita. Ke nan ƙirga abin da aka bayar shi ne farko, sai duba cewa duk alƙaluma ne, sai mayar da shi lamba, sannan a nemi saƙo. Ta kuma gano da kanta cewa layuka huɗu na farkon nan guntun kod ɗaya ne zai rufe su:

```c
if (argc != 2)
{
    printf("Usage: ./caesar key\n");
    return 1;
}
```

Wannan bai sa raba su huɗu ya zama ɓata lokaci ba. Layin jeri ba layin kod ba ne. Jerin yana ƙirga abin da za a gwada ne, kuma gwaji huɗu ne ko da maganin ɗaya ne. Haka ta gano cewa mabuɗi mai alamar ragi, kamar `-3`, ba ya bukatar kulawa ta musamman, tunda alamar ragi ba alƙalami ba ce, dokar tantance alƙaluma za ta kama shi. Na kuma ja kunnenta a kan `atoi`, umarnin da ke mayar da rubutu lamba: idan ka ba shi `2x` ba ya ƙorafi, 2 zai ba ka ya yi shiru. Wanda bai rubuta `2x` a jerin gwajinsa ba, ba zai taɓa sanin manhajarsa tana haɗiye gurɓataccen mabuɗi ba.

Wani shafi na littafin mun ware shi ga tambayoyi, wato wuraren da takardar ta yi shiru. Ita ce ta kawo mafi kyau a cikinsu. Ta ce, "To idan na rubuta `ƙasa` fa?" Takardar ba ta san da ƙ da ɗ da ɓ ba, haruffa 26 na Turanci take nufi. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin ASCII, kuma a tsarin UTF-8 da yawancin na'urori ke amfani da shi, kowannensu gurbin ajiya biyu yake ci maimakon ɗaya. Hukuncin da ya fi dacewa da lafazin takardar shi ne a bar su yadda suke, `ƙasa` da mabuɗi 1 ta zama `ƙbtb`. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne yadda aka yi da tambayar. Ba a yi watsi da ita ba, ba a kuma tsaya cak a kanta ba. An rubuta ta, an rubuta zaton da aka yi, an ci gaba. Idan akwai malamin da za a tambaya, da wannan shafin ake zuwa wurinsa. Malamin da aka ce wa "ban gane jingar ba" ba shi da inda zai kama. Wanda aka ce wa "sakin layi na shida bai faɗi abin da za a yi idan saƙon fanko ne ba, na ɗauka a buga `ciphertext:` kawai, haka ne?" zai amsa cikin daƙiƙa goma.

Duk wannan ya ɗauke mu kusan minti arba'in. Da wuta ta dawo bayan azahar ta zauna ta fara, layi ɗaya, gwaji ɗaya, alama ɗaya a littafi. Ba ta taɓa juya haruffa ba sai da layukan mabuɗi suka cika. Amfanin wannan tafiyar shi ne idan abu ya lalace, ka san a cikin layuka biyar ɗin da ka rubuta yanzu ne, ba a cikin hamsin ba. Kafin magariba ta gama. CS50 yana da manhajar dubawa mai suna `check50`, wadda ke nuna `:)` kore ga gwajin da aka ci, da `:(` ja ga wanda aka faɗi. Na hana ta taɓa shi sai da ta cike jerinta. Ba don yana da aibi ba, kayan aiki ne mai kyau. Amma ɗalibin da ya saba rubuta kod da ka, ya tura, ya ga ja, ya yi ta canje-canje har ya koma kore, ya bar wa na'ura aikin karatun da ya kamata ya koya. Ranar da ya kama aiki, mai kamfani ko mai asibiti zai miƙo masa shafi goma na bayani, kuma babu wani kore ko ja da zai gaya masa ya manta da sakin layi na bakwai.

Ba zan ɓoye iyakar wannan hanya ba. Jeri ba ya koya maka yadda za ka warware matsala. Wanda bai san yadda ake bin haruffan saƙo ɗaya bayan ɗaya ba, layi 19 ba za su rubuta masa ba, sai dai su nuna masa daidai abin da bai sani ba, ya je ya koyo shi. Ana kuma iya wuce gona da iri. Na ga mai koyo da ya tsaga jinga mai shafi ɗaya zuwa layi sittin, har da "buɗe fayil" da "rubuta baka", ya gaji kafin ya fara. Ma'aunin shi ne gwaji: idan layi biyu gwaji ɗaya ne ke tabbatar da su, layi ɗaya ne. Idan takardar ta kai shafi goma ko ashirin, kamar aikin ƙarshen zango, sai a fara raba ta gida-gida, abin da ke shiga, abin da ake sarrafawa, abin da ke fita, kurakurai, da ƙa'idojin miƙawa, a kuma rubuta lambar shafi a gefen kowane layi don a san inda aka samo shi. Ƙa'idojin miƙawar nan, sunan fayil, ranar rufewa, kayan da aka hana amfani da su, sukan zo a can ƙarshe inda ido ya riga ya gaji, kuma suna cin maki kamar kowane sharaɗi.

Haɗari mafi girma kuwa shi ne jerin ya maye gurbin takardar. Jerin fassararka ce, kuma mai fassara yana iya zubar da wani abu a hanya. Don haka bayan an sa alama a layi na ƙarshe, akwai karatu na huɗu: a koma asalin takardar, a bi ta daga farko, a ɗora yatsa a kan kowace jimla, a nuna layin da ya ɗauke ta. Da 'yar tawa ta yi haka, ta tarar duk jimlolin suna da layi, amma a layin sabon layi na ƙarshe ta sa alama ba tare da ta gwada ba. Ta gwada, ashe babu shi, alamar jiran umarni tana manne da ƙarshen ɓoyayyen saƙon. Ta ƙara `\n`, sannan ta tayar da `check50`, ya fito kore daga sama har ƙasa.

Ga malamai masu ba da irin wannan jinga a jami'o'i da kwalejojinmu da cibiyoyin koyon kwamfuta, ina da roƙo ɗaya. A jinga ta farko ta zango, ku ce kowane ɗalibi ya kawo jerinsa a takarda kwana biyu kafin ya kawo kod, ku ba shi maki ko da biyar ne. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar data, kuma ɗalibin da ke jiran layin kwamfutar aro zai iya yin sa a ɗakin kwanansa da biro.